Giram 22 a kowace mita: yadda ake gane wayar wuta ta gaskiya a Sabon Birni da Isa

Wanda ya sayi naɗin wayar wuta a Sakkwato ya kai shi Sabon Birni ta hanyar Wurno da Goronyo, ko ya ɗauko shi daga Gusau ya bi ta Ƙauran Namoda da Shinkafi ya shigar da shi Isa, ya san cewa ba zai mayar da shi ba ko da ya gano jabu ne. Shekarun da 'yan bindiga suka kwashe suna tare hanyoyin gabashin Sakkwato sun sa babu mai sake bin titin nan saboda waya. Abin da aka sauke daga mota shi za a ja a bango, a shafe shi da siminti, ko a bi da shi cikin silin a ƙarƙashin kwano, inda ido ba zai ƙara ganinsa ba. A babban birni mai saye yana da wata 'yar dama ta komawa shago ya yi rigima, ko ya kai ƙara ofishin hukuma. A bakin iyakar Gobir damar guda ɗaya ce, wato 'yan mintocin da mutum yake tsaye gaban mai shago kafin ya miƙa kuɗi.

Abin takaicin shi ne yawancin masu saye suna ɓatar da waɗannan mintoci wajen duba abin da ya fi sauƙin kwaikwayo. Suna karanta sunan kamfani a jikin takarda, su matsa robar da yatsa su ji ta yi kauri, su ga bakin wayar ya yi ja, sai su biya. Mai yin jabu ya san da waɗannan abubuwa uku, kuma a kansu yake kashe ɗan kuɗin da yake kashewa. Abin da ba zai iya kwaikwaya ba shi ne nauyin jan ƙarfe, domin ranar da ya zuba cikakken jan ƙarfe a wayarsa, ribar da ta kai shi sana'ar ta tafi. Saboda haka tsarin binciken da aka saba da shi yana bukatar a juya shi: a fara da sikeli, a bi da roba, rubutu ya zo a ƙarshe.

Dalilin ha'incin yana cikin farashi. A shekarar 2021 tan ɗaya na jan ƙarfe ya haura dala 10,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan, ya kuma sake haura ta a 2024, alhali alminiyam yana kai da komo a wajajen kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kuɗi. Ga shi kuma alminiyam bai kai sulusin nauyin jan ƙarfe ba, don haka kilo ɗaya nasa yana ba da waya mai tsawo fiye da ninki uku. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 cikin shekarar da ta biyo, sai kuɗin waya ya bi ta. Magidancin da ya gudo daga ƙauye yana harhaɗa ɗaki biyu a cikin garin Isa ba ya neman jabu. Yana neman abin da aljihunsa zai ɗauka, kasuwa kuwa ta tanadar masa amsa iri uku: waya ta jan ƙarfe amma siririya fiye da lambar da aka rubuta mata, waya ta alminiyam da aka lulluɓe da ɗan jan ƙarfe a baya, da kuma naɗin da aka rubuta masa mita 100 alhali bai kai ba. Sau da yawa naɗi ɗaya yakan haɗa duka ukun.

A ɗauki wayar da aka fi ja wa soket a gidaje, wadda masu wayarin ke kira biyu da rabi. Lambar 2.5 tana nufin faɗin bakin ƙarfen idan an yanke shi, murabba'in milimita biyu da rabi. Idan sili ɗaya ce, kaurin ƙarfen tsirara yana kusa da milimita 1.78. Idan mai sili bakwai ce, kowane sili yana kusa da 0.67. Daga nan lissafin nauyi ba shi da wuya, tunda an san nauyin jan ƙarfe: mita ɗaya ta wannan waya, bayan an feɗe robarta, tana auna giram 22. Ƙa'idar duniya tana hukunta waya ne da yadda take barin wuta ta wuce, don haka kamfanin kirki yana iya rage ɗan kaɗan ya kuma ci jarrabawa, a samu giram 20 da ɗoriya ko 21. Ƙasa da haka akwai magana. Idan ƙarfen na gaske ne amma ainihinsa ɗaya da rabi ne aka sa masa lambar biyu da rabi, sikeli zai nuna giram 13. Idan kaurin ya cika amma alminiyam ne mai mayafin jan ƙarfe, zai nuna 8 ko 9. Idan an haɗa zaluncin biyu, zai tsaya a wajajen 5.

Tazarar da ke tsakanin 22 da 13 da 9 da 5 ba ta bukatar ɗakin gwaje-gwaje. Ƙaramin sikelin lantarki na aljihu, irin wanda masu sayar da zinari ke amfani da shi, ya wadatar. Abin da ake bukata shi ne mai saye ya sayi mita ɗaya tak daga naɗin da yake so, ya auna ta da tef, ya feɗe, ya ɗora. Mai shagon da ya ƙi sayar da mita ɗaya don a gwada ya riga ya ba da amsa. Idan ba a son yanka, cikakken naɗin biyu da rabi mai mita 100 yana ɗauke da jan ƙarfe kilo 2.2, da robarsa kuma yana kaiwa kilo 3 ko sama da haka kaɗan. Sai dai awon naɗi gaba ɗaya yana da rauni, domin ana iya cika nauyin da roba mai yawa, wadda ba ta da tsada. Feɗaɗɗiyar mita ita ce shaidar da ba a saye.

Wannan kilo 2.2 yana da wani amfani da ya kamata kowane mai gini ya riƙe. A kowane gari akwai 'yan gwangwan da ke sayen tsohon jan ƙarfe da kilo, kuma farashinsu ba ɓoyayye ba ne. A tambaye su kuɗin kilo a yau, a ninka shi sau biyu da ɗan ɗori. Wannan shi ne abin da naɗin gaske zai kawo ko da an ƙone robarsa an sayar da shi a matsayin bola. Sabon naɗi, wanda aka biya kuɗin narkawa da ja da roba da mota daga Legas ko Nnewi har zuwa Sakkwato, dole ya fi wannan tsada da tazara mai yawa. Duk naɗin da kuɗinsa ya yi kusa da farashin ɗan gwangwan, balle ya gaza shi, to ko ƙarfen bai cika ba, ko ba jan ƙarfe ba ne, ko kuwa kayan sata ne. Babu ɗan kasuwar da ke sayar da jan ƙarfe ƙasa da kuɗin da mai bola zai ba shi.

Inda babu sikeli, wuƙa tana aiki. A kankare gefen ƙarfen da reza, ko a yanke shi a dubi bakin yankan a rana. Jan ƙarfe ja ne har cikinsa. Mai mayafi kuwa fari ne a ciki, jan nasa fata ce kawai. Idan siraran silla ne, a sa musu wutar laita: alminiyam yana narkewa a digiri 660, jan ƙarfe sai ya kai 1,085, don haka sillan jabu sukan yi laushi su sunkuya cikin 'yan daƙiƙai, na gaske kuwa su yi baƙi su tsaya yadda suke. Maganaɗisu ma yana da rana, domin akwai wayar da cikinta baƙin ƙarfe ne aka shafa masa ja, kuma jan ƙarfe ba ya kama maganaɗisu. A nan akwai tarko guda da ya kamata masu sola su sani. Wayar sola ta ainihi, wadda ake ja daga faranti a kan rufi, sau da yawa fara ce a ido, saboda an shafa wa jan ƙarfenta kuza don kada ya yi tsatsa. Ita idan aka kankare ta ja ke fitowa. Fari a baya da ja a ciki alamar inganci ce, ja a baya da fari a ciki shi ne ha'incin. An sha ganin mai saye ya ture ta farkon ya rungumi ta biyun saboda launi.

Kada a ɗauka alminiyam haramun ne a harkar wuta. Manyan wayoyin da ke kan turaku na alminiyam ne, haka ma wadda ake janyowa daga fol zuwa mitar gida sau da yawa, kuma suna aiki lafiya saboda an san abin da suke, an ƙara musu kauri, an kuma haɗa su da kayan haɗi da suka dace da su. Alminiyam yana barin wuta ta wuce kusan kashi 61 cikin ɗari ne na yadda jan ƙarfe mai kaurinsa yake bari, wanda ya san haka sai ya yi lissafinsa a kai. Laifin wayar jabu shi ne tana sa mai wayarin ya yi lissafin jan ƙarfe a kan abin da ba shi ba.

Ga yadda wannan kuskuren lissafi yake kasancewa. Wayar biyu da rabi ta gaske, idan an zura ta cikin fayif a jikin bango, littattafan aiki suna ba ta amfiya 24. Amma wannan adadi an gina shi ne a kan zafin wuri na digiri 30, kuma a kan cewa robar ba za ta wuce digiri 70 ba. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana wuce 40 a inuwa, cikin silin da ke ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka. A digiri 45 ana rage wa wayar kusan kashi ɗaya cikin biyar, sai ta koma amfiya 19. Ke nan ko ta gaske, a wannan ƙasa, tana aiki ne a bakin iyakarta idan aka ɗora mata bireka mai amfiya 20. Yanzu a sa jabun nan mai giram 5 a gurbinta. Turjiyar da take yi wa wuta ta ninka ta gasken kusan sau biyu da rabi, don haka za ta kai zafin da robarta ba ta jurewa tun a wajajen amfiya 12. Hita ɗaya mai wat 2,000 da dutsen guga mai wat 1,000 a kan layi ɗaya sun kai amfiya 13.

Bireka ba ta san da wannan ba. Ita amfiya take ƙirgawa, ba ta jin zafin waya, kuma an zaɓe ta ne bisa lambar da ke rubuce. Daga 12 zuwa 20 akwai fili mai faɗi inda wayar ke dahuwa a cikin bango, birekar kuwa tana zaune lafiya. Robar ba ta kamawa da wuta a ranar farko. Tana bushewa ne a hankali, ta yi tauri, ta tsattsage, har ranar da silla biyu suka haɗu, ko wani ya taɓa bangon da damina ta jiƙa. Idan abin ya faru bayan shekara biyu ko uku, sai a ce wutar lantarki ce ta haddasa, kamar dai wutar ce ta yi niyya.

A bakin soket ma abin ya fi saurin faruwa. Alminiyam yana da laushi, yana lotsawa a ƙarƙashin sukurun da ya danne shi, yana kuma kumbura da zafi fiye da jan ƙarfe, don haka haɗin da aka ɗaure tam yakan saki da kansa bayan watanni. Inda sukurun ya ƙwarzane mayafin, alminiyam yana yin wata fata da ba ta barin wuta ta wuce, sai wurin ya riƙa zafi. Amurka ta biya kuɗin wannan darasi. Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, da jan ƙarfe ya yi tsada, an ja wa gidaje masu yawa wayar alminiyam. Daga baya hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙasar ta bayyana cewa gidajen da aka ja wa irin wannan waya kafin 1972 sun fi na jan ƙarfe yiwuwar samun haɗin da ya kai haɗarin gobara har sau 55. Su kuwa sun san alminiyam suka saya, sun ma ƙara masa kauri.

Amma a Sabon Birni da Isa, inda wutar layi ba abin dogaro ba ce kuma sola ta zama wutar mai shago da mai kemis da mai cajin waya, asarar da aka fi yi ba ta da hayaƙi. A ɗauki misalin shago mai batir na bolt 24, farantansa suna kan rufi, nisan mita 10 daga na'urar caji. Wuta tana zuwa ta koma, don haka wayar mita 20 ce. A ce farantan suna ba da amfiya 15 da tsakar rana, wato wajen wat 450. Da wayar biyu da rabi ta gaske, bolt 2.2 ne ke zubewa a hanya, wat 33 ke nan. Da jabun nan, bolt 5.4 ne, wato wat 81, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da farantan suka samar, ya tafi wajen ɗumama roba. A layin bolt 230 asarar bolt biyar ba a jin ta. Batir mai bolt 24 kuwa yana bukatar 28 zuwa 29 kafin ya cika, kuma batirin da ke kwana bai cika ba kullum, ba ya daɗewa. Mai shagon zai zagi kamfanin batir, ya canza inbata, ya ƙara faranti, wayar da ta jawo masa tana nan a maƙale. A faɗi gaskiya kuma, ko ta gasken ta yi wa wannan aiki kaɗan: waya mai lamba 6 ce ta dace, wadda asararta ba ta kai bolt ɗaya ba. Mai haɗin da ya zaɓi ƙaramar lamba, sannan aka sayar masa da jabunta, ya yi asara sau biyu.

Roba ita ce ta fi yaudarar hannu. Ƙa'ida ta ba wa wayar ɗaya da rabi rigar milimita 0.7, ta ba biyu da rabi da huɗu da shida 0.8, goma da sha shida kuma milimita 1. Idan aka haɗa ƙarfe mai 1.78 da riga mai 0.8 a kowane gefe, wayar tana fitowa da kaurin kusan 3.4. To a ɗauki ƙarfen ɗaya da rabi, mai kaurin 1.38, a sa masa riga mai milimita 1 a kowane gefe. Abin da zai fito shi ne 3.4 ɗin dai. A hannu ba su da bambanci, a ido ba su da bambanci, mai saye ma yana iya yaba wa ta biyun cewa robarta ta fi kauri. Don haka robar da ta yi kauri fiye da kima abin tuhuma ce, kuma awon waya daga waje ba ya nuna komai sai an feɗe an auna ƙarfen shi kaɗai da maikiromita.

A yanke wayar da reza mai kaifi a dubi bakinta. Ƙarfen ya kamata ya zauna a tsakiya, robar ta kewaye shi daidai. A wayar da aka yi da injin da ba a saita ba, sai a ga ƙarfen ya karkata, gefe ɗaya ya yi tudu, ɗayan ya yi kamar fatar albasa. Ƙa'ida ba ta yarda rigar 0.8 ta gaza kusan 0.6 a kowane wuri ba, kuma wannan siririn gefen shi ne ke yagewa sa'ad da ake jan waya a kwanar fayif. Sai ingancin robar kanta. Masu ha'inci suna cika ta da garin alli ko tsohuwar roba da aka sake narkawa. A lanƙwasa ta sosai sau da yawa, ko a naɗe ta a jikin kanta: mai alli da yawa tana yin fari a gwiwar lanƙwasar, wani lokaci ta tsage, farce ma yana iya ɓantarar ta. Ta kirki tana miƙewa kafin ta tsinke. A sa mata ashana a janye: ta kirki tana mutuwa da kanta, maras kyau takan ci gaba da ci tana ɗiga. Wannan gwaji a waje ake yin sa, hayaƙin ba na shaƙa ba ne.

Rubutu ya zo a ƙarshe saboda ƙarfinsa na gefe ɗaya ne. Rashinsa hujja ce a kan waya, samuwarsa kuwa ba ta wanke ta. Wayar kirki tana ɗauke da sunan wanda ya yi ta, da girmanta kamar 2.5mm², da ƙarfin da take jurewa, wanda ga wayar gida mai sili ɗaya shi ne 450/750V, a jikin robar kanta, ba a takardar naɗi kaɗai ba. Ƙa'idar IEC 60227, wadda ta shafi irin wannan waya, ta ce kada tazara tsakanin ƙarshen rubutu da farkon na gaba ta wuce milimita 275 a waya maras riga ta biyu, ko 550 a mai riga biyu. Ta kuma ce rubutun ya jure a goga shi sau goma da jiƙaƙƙen ƙyalle. Wannan gwaji ne da kowa zai iya yi a tsaye. Kayan da aka yi a Najeriya suna bi ta tsarin MANCAP na hukumar SON su sami tambarin NIS, na waje kuma ta tsarin SONCAP. Waya mai cewa an yi ta da fasahar wata ƙasa, ba tare da sunan kamfani ko adireshi ba, ta faɗi tun a nan.

Najeriya tana da masana'antun waya da suka yi suna, irin su Coleman a jihar Ogun, Cutix a Nnewi da Nigerchin a Legas, kuma masu wayarin da yawa sun fi yarda da wayar gida a kan ta waje. Wannan yardar ita ce jarin mai jabu, domin sunan da aka amince da shi ne ake bugawa. Injin buga rubutu a jikin roba ba shi da tsada idan aka kwatanta da tan ɗaya na jan ƙarfe. A yankin iyaka akwai ƙarin ruɗani, tunda kayan da suka biyo ta Maraɗi suna iya zuwa da alamomin tsarin Turai, kamar H07V-U ko U-1000 R2V, waɗanda mai wayarin da ya koyi aiki a Sakkwato bai saba gani ba. Baƙon rubutu bai sa waya ta zama jabu ba, kamar yadda sanannen suna bai sa ta zama ta gaske ba. Lamba 2.5 giram 22 ce a Maraɗi kamar yadda take a Gusau.

Za a ce wannan aikin hukuma ne, kuma haka ne. Dokar 2015 ta ba SON ikon kamawa da lalata kaya marasa inganci, tana kuma sanar da kama wayoyi lokaci zuwa lokaci, akasari a manyan kasuwanni da tashoshin jiragen ruwa. Akwai kuma NEMSA, wadda aka ɗora wa duba haɗin wuta da ba wa masu aikin takardar shaida. Amma naɗin da ya tsallake Legas da Onica da Sabon Garin Kano ya iso Gatawa ko Tsamaye ya riga ya wuce duk shingen da aka kafa masa, kuma ba hikima ba ce a jira jami'i ya biyo hanyar da direbobi ke bi da addu'a. Abin da ya fi kusa shi ne masu wayarin da masu haɗa sola na kowane gari su mallaki sikeli ɗaya da maikiromita ɗaya a wurin shugabansu, ko a hannun sarkin kasuwa, duk wanda zai sayi naɗi ya kai mita ɗaya a auna masa a gaban mai shago. Kuɗin kayan awon biyu bai kai na batir ɗaya da ya mutu ba. Mai shagon ma yana da riba a ciki, domin sau da yawa shi kansa a kan rubutu ya saro, kuma bai taɓa feɗe kayansa ya gani ba.

Akwai wani ɓangaren laifin da ke wuyan masu gida, musamman ma'aikatan da ke zaune a Sakkwato ko Abuja suna aika kuɗin gini gida. Wanda ya ba mai wayarin kuɗi dunƙule, na kaya da na aiki a haɗe, sannan ya matse shi a ciniki har ya rage sulusi, ya gaya masa ne a fakaice inda zai fitar da ladansa. Raba biyun ya fi aminci: a biya ladan aiki cikakke, a sayi waya daban, a kuma rubuta adadin naɗin da lambar kowanne. Kafin a shafe bango, a sa wani amintacce ya yanko mita ɗaya daga cikin wayar da aka riga aka zura a fayif, ya feɗe ta ya auna, domin naɗin da aka nuna a hoto ba lallai ne shi aka ja ba. Naɗin da ya rage kuma a warware shi a auna tsawonsa tun kafin a fara aiki. Yadi 100 mita 91 ne da ɗan kai, kuma akwai naɗin da ko yadin ba ya cikawa.

Mai mitar awon wuta yana iya ƙara shaida ɗaya ba tare da ya yanki komai ba, tunda bakin naɗi biyu duk suna waje. Mita 100 ta biyu da rabi ta gaske tana nuna om 0.74 ko ƙasa kaɗan a wuri mai sanyi, a zafin Isa kuma ta kusa 0.8. Jabun nan mai giram 5 za ta nuna kusan 1.8. Sai dai ƙaramar mita ba ta da kaifi a irin wannan ƙanƙanin adadi, don haka a fara haɗa bakin wayoyinta biyu a ga abin da suke nunawa su kaɗai, a cire shi daga sakamakon. A kuma tuna cewa gajeren naɗi yana nuna adadi ƙarami, har siririyar waya mai mita 70 ta yi kama da cikakkiya mai mita 100. Shi ya sa awon mita ba ya tsayawa shi kaɗai sai an haɗa shi da tef da sikeli.